Yadda mai shekara talatin da 'yan kai zai raba ajiyar ritayarsa tsakanin hannun jari, sukuk da tsabar kuɗi

Mutumin da ya ajiye naira miliyan ɗaya a asusun banki a watan Disamba na 2023, bai taɓa ko sisi ba har Disamban 2024, zai ga miliyan ɗinsa tana nan cif idan ya duba waya. Amma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi a wannan tsakanin ta kai kashi 34.8 cikin 100. A lissafin kasuwa, idan buhun hatsi yana naira 50,000 ranar da ya ajiye kuɗin, miliyan ɗinsa buhu ashirin ce. Idan buhun ya tashi daidai da wancan adadi ya koma naira 67,400, abin da zai ɗauko bai cika buhu goma sha biyar ba. Buhu biyar sun tafi, ba ɓarawo, ba gobara. Wannan a shekara ɗaya ke nan, alhali mai shekara 34 da ke shirin barin aiki yana da 60, ajiyarsa za ta yi shekara 26 tana jiransa.

Shi ya sa tsabar kuɗi kaɗai ba ta iya riƙe tsufan mutum. Amma zuba komai a hannun jari ma yana da nasa ciwon. A watan Maris na 2008 ma'aunin da ke nuna hawa da saukar kasuwar hannun jari ta Nijeriya ya haura maki 66,000, kafin shekara ta zagayo ya gangaro kusan 20,000. Bai sake taka matakin 2008 ba sai a watan Agustan 2023, bayan shekara goma sha biyar. Mutane da yawa a Arewa da suka sayi hannun jarin bankuna a lokacin da ake ta tallarsa, har yau ba sa son a ambaci maganar a gabansu, kuma suna da dalili.

Abin da ya rage shi ne rabo: nawa ne zai shiga inda yake girma amma yana girgiza, nawa ne zai shiga inda yake kawo abu sananne, nawa ne zai zauna kusa da hannu. Wannan rabon ya fi zaɓen kamfani muhimmanci, kuma shi ne abin da mutum yake da iko a kansa.

Aikin kowane kaso

Hannun jari mallakar wani yanki ne na kamfani, irin su Dangote Cement, MTN Nigeria, BUA Foods ko Nestlé Nigeria, waɗanda ake cinikinsu a kasuwar NGX ta Legas. Amfaninsa ga mai dogon zango shi ne, kamfanin da ke sayar da siminti ko sukari ko katin waya yana iya ɗaga farashinsa idan komai ya yi tsada, ribarsa ta bi, a hankali darajar hannun jarinsa ma ta bi. Ba kowace shekara hakan ke faruwa ba. Kasuwar ta faɗi a 2018 da 2019, ta tashi da kusan kashi 50 a 2020. Duk kuɗin da za ka buƙata nan da shekara biyar ba shi da wuri a nan.

Takardun lamuni bashi ne da kake ba gwamnati, ta riƙa biyanka adadin da aka yanke, ta mayar maka da uwar kuɗinka ranar da wa'adi ya cika. Ofishin Kula da Basussuka na Ƙasa, wato DMO, yana da nau'i biyu da ƙaramin mai ajiya zai iya kaiwa gare su. Na farko shi ne FGN Savings Bond, wanda aka fara a 2017: ana buɗe shi duk wata, ana shiga da naira 5,000, wa'adinsa shekara biyu ko uku, ana biyan kuɗin ruwansa duk wata uku. Na biyu shi ne sukuk na Gwamnatin Tarayya, wanda shi ma aka fara a 2017 da naira biliyan 100 mai wa'adin shekara bakwai. Shi ba bashi mai ruwa ba ne. An gina shi a kan ijara: kuɗin jama'a na shiga aikin hanyoyi, gwamnati tana biyan haya sau biyu a shekara, ana shiga da naira 10,000. Ga mafi yawan mutanenmu na Katsina da Daura da ke gudun kuɗin ruwa, sukuk ne ke cike wannan gurbi, don haka shi za mu riƙa ambata. Wanda bai da wannan damuwar sai ya sa ɗayan a wurinsa, lissafin rabon bai canza ba.

Tsabar kuɗi kuwa ita ce abin da za ka iya cirewa cikin kwana ɗaya ko biyu ba tare da ya ragu ba: asusun ajiya, ajiyar mudaraba ta gajeren wa'adi a bankunan da ba sa mu'amala da ruwa kamar Jaiz, TAJ da Lotus, ko asusun haɗaka na gajeren zango, wato wanda kamfani ke tattara kuɗin mutane da yawa ya juya musu. Aikinta ba girma ba ne. Aikinta shi ne ta hana ka sayar da hannun jari ranar da kasuwa take ƙasa.

Kafin a fara rabo

Abu uku ne ke zuwa kafin komai, kuma wanda ya tsallake su rabonsa zai wargaje a shekarar farko.

Na farko kuɗin ko-ta-kwana. Ka zauna da takarda ka rubuta abin da gida ba ya rayuwa sai da shi a wata: cefane, kuɗin makaranta da haya a rarrabe su kan wata goma sha biyu, mai, magani, abin da kake kai wa iyaye. Mai albashi ya tara na wata huɗu zuwa shida. Ɗan kasuwa, wanda samunsa ke hawa da sauka, ya tara na wata shida zuwa tara. Wannan kuɗi ba ya cikin lissafin ritaya kwata-kwata, asusunsa daban. Ka sani cewa hukumar NDIC tun 2024 tana lamunce wa kowane mai ajiya har naira miliyan 5 a bankin kasuwanci, miliyan 2 a ƙaramin banki. Asusun haɗaka ba ya cikin wannan lamuni, ko da kamfanin da ke gudanar da shi na banki ne.

Na biyu bashi mai tsada. Idan manhajar bashi ta waya da ke karɓar kashi 5 ko 10 a wata tana bin ka kuɗi, babu wani hannun jari ko sukuk da zai kawo maka abin da take ci. Ka fara kashe wannan wutar.

Na uku shi ne wanda aka fi mantawa: abin da ka riga ka mallaka. Ma'aikacin da ke ƙarƙashin Dokar Fansho ta 2014 ana cire kashi 8 daga albashinsa, wurin aiki na ƙara aƙalla kashi 10, duka na shiga asusun fanshonsa. Mafi yawan kuɗin fansho a Nijeriya a takardun gwamnati ake zuba su. Ke nan wanda ke da irin wannan asusu ya riga ya mallaki takardun lamuni masu yawa ko da bai taɓa sayen ko ɗaya da hannunsa ba. Ka nemi bayanin asusunka daga kamfanin fanshonka, ka duba abu biyu: shin kuɗin kowane wata yana shiga kuwa, sannan a wane rukuni aka sa ka. Tun 2018 hukumar kula da fansho ta PenCom ta kasa asusun gida-gida. Wanda bai kai shekara 50 ba, idan bai ce komai ba, Fund II ake sa shi. Fund I ya fi ɗaukar hannun jari, kuma sai ka rubuta ka nema ake mayar da kai can. Fund VI shi ne marar ruwa, shi ma nema ake yi. Ma'aikacin jiha ko na ƙaramar hukuma ya tambayi ofishinsa wane tsari yake kai, domin jihohi ba tafiya ɗaya suke yi da Tarayya ba. Ɗan kasuwa, tela, mai Keke Napep ko mai sana'ar gida na iya buɗe asusun fansho na masu zaman kansu, wanda aka ƙaddamar a 2019, a kowane kamfanin fansho mai lasisi.

Gona, fili, shanu da hatsin da aka ɓoye tun kaka su ma dukiya ce, ba mu raina su ba. Sai dai fili ba ya sayuwa ranar da kake so a farashin da kake so, kiwo kuma yana da cuta da sata, abin da mutanen wasu ƙananan hukumomin jihar nan suka sani fiye da kowa. Ka riƙe su, amma kada ka lissafa su a matsayin tsabar kuɗi ko madadin sukuk.

Yanke kason

Akwai tsohuwar ƙa'idar da ake yawan faɗa: ka cire shekarunka daga 100, abin da ya rage shi ne kason hannun jari. Mai shekara 35 zai sa kashi 65. Wurin farawa ne mai kyau, amma an yi ta ne don ƙasashen da kasuwarsu ke da dubban kamfanoni. Tamu ƙarama ce, kamfanoni kaɗan ne suka riƙe mafi yawan darajarta, kuma ta taɓa yin shekara goma sha biyar ba ta koma inda ta faɗo ba. Don haka a ganinmu a rage kaɗan.

Ga mai shekara 30 zuwa 39 da ke da albashi tsayayye da asusun fansho, kuɗin da yake ajiyewa da kansa ya kasa shi haka: kashi 60 hannun jari, 30 sukuk, 10 tsabar kuɗi. Yana iya ɗaukar 60 ɗin ne saboda fanshonsa ya riga ya cika da takardun gwamnati. Ga wanda ba shi da fansho kuma abincinsa daga kasuwa yake fitowa: 45, 40, 15. Dalili shi ne, kasuwancinsa ma wani nau'in hannun jari ne, kuma shekarar da tattalin arziki ya tsuke, shago da kasuwar Legas sukan yi sanyi tare.

Kafin ka amince da kowane adadi, ka gwada shi da wannan tambaya. Ka ɗauki kason hannun jarin ka raba biyu, abin da ya fito shi ne kusan abin da dukan ajiyarka za ta iya raguwa a mummunar shekara. Mai kashi 60 zai iya ganin ta ragu da kashi 30. Ka mayar da shi naira: a miliyan biyu, dubu ɗari shida ke nan. Idan ka san ganin haka zai hana ka barci har ka sayar, to 60 ya yi maka yawa, ka sauko 50 ko 40. Kaso 40 da za ka iya riƙewa a lokacin tsanani ya fi 60 da za ka saki. Idan ka yanke, ka rubuta shi a takarda da kwanan wata da dalilinka. Ranar da kasuwa ta rikice, wannan takardar za ka koma wa, ba maganar majalisa ba.

Misali a aikace

Mu ɗauki ma'aikacin wani kamfani a cikin garin Katsina, shekararsa 34, yana da mata da yara uku. Abin da ke shigo masa bayan an cire haraji da fansho naira 300,000 ne. Larurar gida ta dole naira 180,000 a wata. Abin da zai iya warewa ba tare da ya takura iyali ba naira 50,000.

Kuɗin ko-ta-kwanansa na wata huɗu naira 720,000 ne. Idan daga sifiri ya fara, wata goma sha biyar na farko duka can za su tafi. Wasu za su ga kamar ɓata lokaci ne, alhali ba a fafe gora ranar tafiya: ranar da yaro ya kwanta asibiti ba ranar neman dillali ba ce. Idan yana cikin adashi, kwasarsa ta farko ta shiga nan, ta gajarta masa tafiyar.

Daga nan dubu hamsin ɗin ta rabu: 30,000 hannun jari, 15,000 sukuk, 5,000 tsabar kuɗi. Ya ba bankinsa umarnin tura kuɗin kai tsaye washegarin ranar albashi, domin kuɗin da ya kwana uku a asusun cefane, biki ko suna ko gaisuwa sai ya same shi. Duk lokacin da aka ƙara albashi, ya ƙara adadin da irin kason da aka ƙara. Dubu hamsin ɗin bana ba ita ce dubu hamsin ɗin shekara biyar masu zuwa ba.

Ta ina kuɗin zai bi? Zai buɗe asusu wurin dillalin hannun jari mai rajista da hukumar SEC, wadda ke kula da kasuwar hannun jari. Yawanci ta waya ake yi yanzu, da BVN, NIN, hoto da shaidar adireshi. Sunan kamfanin ya duba shi a jerin masu rajista da ke shafin SEC da kansa, kada ya dogara da hoton satifiket da aka turo masa ta WhatsApp. Dillalin zai buɗe masa asusu a CSCS, inda ake ajiye hannun jarin da sunansa, a ba shi lambar da ake kira CHN. Wannan lamba ita ce shaidar cewa kayan nasa ne ba na dillali ba, ya rubuta ta ya adana. Sannan ya cike takardar da za ta sa ribar da kamfanoni ke rabawa ta riƙa faɗawa asusun bankinsa kai tsaye. Biliyoyin naira na irin wannan riba suna kwance ba a karɓa ba, sau da yawa saboda sunan da ke takardar hannun jari ya saɓa da na banki. Wanda ya rubuta Muhammad a nan, Mohammed a can, Mamman a wani wuri, zai sha zirga-zirga. Suna ɗaya, jeri ɗaya, ko'ina.

Da naira 30,000 a wata ba ma ba da shawarar ya riƙa zaɓen kamfanoni ɗai-ɗai. Ba zai iya bin lissafin kamfani goma ba ga aiki ga iyali, kuma biyu ko uku da zai iya saye, idan ɗaya ya tafka asara, kaso mai tsoka ya tafi. Ya sayi asusun da ya tattaro kamfanoni da yawa a ƙunshi ɗaya. Akwai waɗanda ke bin manyan kamfanoni talatin na ma'aunin NGX 30, kamar Vetiva Griffin 30 ETF, sai dai a cikinsu akwai bankuna masu ruwa da kamfanonin giya. Akwai kuma waɗanda aka tace bisa shari'a, kamar Lotus Halal Equity ETF da Stanbic IBTC Imaan Fund. Mun ambace su ne don a san irin abin da za a nema, kowanne a karanta takardarsa kafin a sa kuɗi. Wanda ya zaɓi tacaccen ya sani cewa kamfanoninsa sun fi kaɗan, kuma shekarar da bankuna suka ja kasuwa sama, nasa zai iya zama a baya. Ba alamar wani abu ya lalace ba ne.

A takardar, abu na farko da za a nema shi ne kuɗin gudanarwa na shekara. Yana kama da ƙarami, amma kullum ake yankarsa. Kashi 1 a shekara, cikin shekara 25, yana cin kusan kashi 22 na abin da kuɗin zai zama. Kashi 2 yana cin kusan 40. Na biyu, irin asusun da ake saye a kasuwa kamar hannun jari, wani lokaci masu ciniki kaɗan ne, sai farashinsa ya yi nesa da ainihin darajar kayan da ke ciki. Kamfanin da ke gudanar da shi yana wallafa wannan darajar. Ka kwatanta kafin ka saya, ka kuma sa iyakar farashin da ba za ka wuce ba maimakon ka ce a saya a duk yadda aka samu.

Sukuk ba kowane wata ake fitar da shi ba, sai lokacin da DMO ta yi sanarwa. Don haka dubu goma sha biyar ɗin ko dai ta shiga asusun haɗaka na halal mai sayen sukuk, ko ta taru a ajiyar mudaraba har a buɗe sabo ya shiga ta hannun bankinsa ko dillalinsa. Hayar da aka biya shi kada ta tafi cefane, ta koma cikin ajiyar, domin a dogon zango wannan komawar ce ke yin mafi yawan aikin.

Abin da ke lalata kason sukuk

Mutane suna ɗauka sukuk ba ya faɗuwa. Idan ka riƙe shi har wa'adi, gaskiya ne za a ba ka uwar kuɗinka. Amma idan za ka sayar kafin lokacin, farashinsa na bin abin da sababbi ke biya. A ce ka sayi na naira 100,000 mai biyan kashi 12, saura shekara biyar ya cika, sai sababbi suka fito da kashi 18. Ba wanda zai karɓi naka a dubu ɗari alhali ga wanda ya fi shi. Sai ka rage zuwa wajen naira 81,000 kafin a taya. Idan kuma sababbin suka sauko ƙasa da naka, naka ne zai yi tsada. Maganin shi ne ka riƙa saye a shekaru daban-daban, wa'adinsu ya bambanta, ta yadda duk bayan 'yan shekaru wani zai cika ka sabunta shi a farashin lokacin.

Ɗaya matsalar ita ce ruɗin babban adadi. Kashi 18 yana da daɗin ji, amma idan farashi ya tashi da kashi 25 a shekarar, naira 118 ɗinka ba ta sayen abin da ya koma 125, ka ragu da kusan kashi 6. Kullum ka ɗora abin da aka biya ka a kan hauhawar farashi kafin ka ce ka ci riba. Kuma abin da gajerun takardu ke biya ba ya zama wuri ɗaya: a ƙarshen 2020 takardun baitulmali, wato bashin gwamnati na ƙasa da shekara ɗaya, sun sauko ƙasa da kashi 1, a 2024 sun haura 20. Wanda ya kwashe komai ya kai can saboda adadin bana, ba shi da tabbacin na baɗi.

Daidaita rabo sau ɗaya a shekara

Ka zaɓi rana ɗaya da ba za ka manta ba, misali makon farko na Janairu ko bayan Babbar Sallah. Sauran shekara ba sai kana leƙa farashi ba.

A ce ajiyar ma'aikacin nan ta kai miliyan biyu: 1,200,000 hannun jari, 600,000 sukuk, 200,000 tsabar kuɗi. Don lissafi ya fito fili, mu ajiye zubin wata-wata a gefe. Shekara ta yi kyau, hannun jari ya tashi da kashi 40 ya zama 1,680,000, sukuk da hayarsa 690,000, tsabar kuɗi 210,000. Jimla 2,580,000, hannun jari ya zama kashi 65. Ya wuce da maki biyar, kuma ƙa'idar da muke bi ita ce, abin da bai kai maki biyar ba a ƙyale shi, wanda ya kai a gyara. Zuciya za ta ce a ƙara wa wanda ke tashi, amma rabon ya ce akasin haka. Ba sai ya sayar ba, domin saye da sayarwa a kasuwar kowanne na iya cin kusan kashi 2 a kuɗin dillali da na hukumomi. Ya juya dubu hamsin ɗinsa duka zuwa sukuk da tsabar kuɗi na wata huɗu. Jimla ta zama 2,780,000, hannun jari ya dawo kashi 60, ya koma zubinsa na da.

Yanzu mummunar shekara. Hannun jari ya rabe biyu ya koma 600,000, sauran suna 690,000 da 210,000. Jimla 1,500,000. Kasuwa ta faɗi da rabi, shi ya ragu da kashi ɗaya cikin huɗu, wannan shi ne aikin da sukuk da tsabar kuɗi suka yi masa. Hannun jari ya zama kashi 40, kuma don ya koma 60 yana buƙatar ya zama 900,000. Zubin wata kaɗai zai ɗauki wata goma sha biyar kafin ya cike giɓin, domin kowane zubi yana ƙara jimlar ita ma. Don haka ya haɗa hanya uku: zubin wata duka ya koma hannun jari, hayar sukuk ta bi shi, sannan ya ɗebi abin da ya haura kashi 10 a tsabar kuɗi, wato 60,000, ya ƙara. Idan sukuk ɗin yana cikin asusun haɗaka ne kuma farashinsa bai faɗi ba, yana iya ɗebo wani abu daga can kashi-kashi, wata uku a jere. Kuɗin ko-ta-kwana ba ya shiga wannan lissafi ko da kasuwa ta yi arha kamar kyauta.

Nan ne mafi yawa ke karyewa, domin ana ce maka ka sayi abin da kowa ke gudu. Babu wanda ya san ranar da zai farfaɗo, 2008 ta nuna yana iya daɗewa sosai. Abin da mai shekara 34 yake da shi shi ne, yana da sauran zubi na shekara ashirin da wani abu, kuma wanda ya ci gaba da saye a shekarun da farashi ke ƙasa, yana karɓar ribar da kamfanoni ke rabawa yana mayarwa, bai jira ma'auni ya koma 66,000 kafin ya fita daga asara ba.

Kaso na huɗu da ba ya cikin tsari

Duk 'yan shekaru wani abu na fitowa da alkawarin ninka kuɗi a wata ɗaya ko biyu. MMM ya rufe a Disamban 2016, CBEX ya rushe a Afrilun 2025, kuma a tsakaninsu an yi wasu da suka zo da rigar noma, kiwon kaji ko ma ta addini. Alamarsu ɗaya ce: riba tabbatacciya da ta ninka abin da sukuk na gwamnati ke biya a shekara, lada ga wanda ya kawo wani, da uzuri ranar da ka nemi uwar kuɗinka. Rajistar kamfani a CAC ba lasisin karɓar jarin jama'a ba ce, SEC ce ke ba da wannan. Sau da yawa ɗan'uwa ne ko aboki zai kawo maka, kuma shi ma da zuciya ɗaya ya shiga, har an biya shi sau biyu daga kuɗin waɗanda suka biyo bayansa.

Maganar dala daban ce, domin damuwa ce ta gaskiya. Farashin dala ɗaya ya tashi daga wajen naira 460 kafin Yunin 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024, kuma 'yan kasuwar Jibiya da Mai'aduwa sun ga abin a farashin sefa. Idan ajiyarka ta girma, kana iya mayar da kashi ɗaya cikin uku na kason sukuk zuwa asusun dala mai rajista da SEC, bayan ka duba ko tsarinsa ya dace da abin da ka yarda da shi a addini. Daga cikin kason za a cire shi, ba ƙari ba ne a kai.

Idan shekaru sun ja

Rabon 60, 30, 10 na iya zama yadda yake har ka kai 45. Daga nan ka riƙa rage hannun jari da maki biyu duk shekara kana ƙara wa sukuk: 50 a shekara 50, 40 a shekara 55, 30 a shekara 60. Ma'aikacin gwamnati ya tuna cewa ga mafi yawan ma'aikata ritaya na zuwa ne a shekara 60 ko bayan shekara 35 na aiki, duk wanda ya riga, don haka wanda ya kama aiki yana da 20 zai fita yana da 55, ragewarsa ta fara tun yana 40. A shekara uku na ƙarshe a ɗaga tsabar kuɗi har ta kai cefanen shekara biyu, saboda garatuti da fansho ba kullum suke fitowa a watan da aka bar aiki ba.

Ranar daidaitawa ta shekara ita ce kuma ranar da ta fi dacewa da lissafin zakka, in ka haɗa ta da watan da shekarar dukiyarka ke cika. Ka kai wa malamin da ya san mu'amalar zamani adadin kowane kaso daban, domin hukuncin hannun jarin da aka riƙe don dogon zango da na kuɗin fanshon da ba ka da ikon taɓawa yana da bayani. A ranar ce kuma za ka sabunta takarda ɗaya mai ɗauke da sunan dillali, lambar CHN, kamfanin fansho da lambar asusunsa, da sunan kowane asusun haɗaka, ba tare da lambobin sirri ba. Kwafi ɗaya wurin maiɗakinka, ko maigidanki idan ke ce mai ajiyar, ɗaya wurin wani amintacce a dangi. Wanda aka rubuta a matsayin makusanci a fom ba shi ne magaji ba, shi ne dai wanda za a tuntuɓa. Magada sai sun kawo takardar kotu kafin a sakar musu, kuma ba za su nemi abin da ba su san yana nan ba.